Albashin Malamin Firamare: Inda Gizo Ke Saƙar

Duk wanda ya san makarantun firamare na gwamnati a Arewacin Najeriya ya san cewa malami ba kasafai yake ajiye aiki ba. Sunansa na nan a baucan albashi, yana sa hannu a rajista da safe, amma kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya kama hanyar gona, ko shago, ko ya hau babur yana acaba. Wannan ita ce asarar da ba ta fitowa a lissafin hukuma, kuma ta fi ta masu ajiye aiki yawa da illa.

Tushen matsalar yana wajen wanda ke biya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma kuɗin na gina azuzuwa ne, da kujeru, da littattafai, da horar da malamai. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta biya. Ƙaramar hukumar da kasonta bai taka kara ya karya ba, malamanta kuma da yawa, nan ake jin "kashi sittin aka biya wannan watan". Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, bai warware wannan ƙulli ba. Ko a Abuja, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda ba a fara biyansu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba.

Ƙarancin kuɗin da zafi, musamman tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A ƙaddara malama tana kashe naira 1,000 kullum zuwa da dawowa. A kwana ashirin da biyu na aiki, naira 22,000 ta tafi, kusan sulusin mafi ƙarancin albashi, ba a yi maganar cefane ba. Amma abin da ya fi karya gwiwa shi ne rashin tabbas. Mai takardar NCE yakan fara daga mataki na bakwai. Ya cika shekarunsa, ya ci jarrabawar ƙarin girma, a ba shi takarda, kuɗin kuwa shiru. "Ƙarin girma a takarda" ke nan, kamar yadda malamai ke cewa. Ariyas ta taru, kuɗin hutu ya maƙale, ga tsohon hedimastansa yana sintiri a kan garatuti shekara da shekaru. Matashin malami yana kallon wannan dattijo, ya san abin da ke jiransa.

Alkawura kam an yi. A 2008 gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin 100 ga ƙwararrun malamai, jihohi da dama suka yi ta jan ƙafa. Ranar 5 ga Oktoban 2020 gwamnatin Buhari ta sanar da tsarin albashi na musamman da alawus na aikin karkara. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne tsawaita ritaya zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Wato an riƙe dattawa, ba a ba matasa dalilin zama ba.

Su wa ke tafiya? Masu lissafi, kimiyya da Turanci, don su kasuwa ke nema. Wasu su nemi canji zuwa sakatariya ko wata ma'aikata, wanda aka tura ƙauye kuma ya bi ta hannun wani babba a dawo da shi gari. Sai a tarar da makarantar cikin gari malamai sun yi cunkoso, ta ƙauye kuwa mutum biyu ne ke riƙe da aji shida, alhali manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya ta tanada wa yara 35.

Gwamnatoci na da hujja idan suka kawo batun inganci. A Kaduna, a 2017, malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, aka sallame su. Sai dai kora kaɗai ba ta cike aji. Wanda ya ci jarrabawar shi ne mai damar samun aiki a wani wuri.

A ganina gyara ya fara da abin da bai fi ƙarfin aljihu ba. A cire albashin malamai tun daga tushe kafin a raba kason, a tsayar da ranar biya. A tantance bauca a fitar da malaman bogi, kuɗin da aka tsira da shi a biya ariyas ta ƙarin girma da shi, daga wanda ya fi daɗewa yana jira. Alawus na karkara kuma a ɗaura shi a kan makarantar, duk wanda ya koma gari ya bar shi a can. A ɗauki 'yan asalin yankin, musamman mata, a gina musu ɗaki biyu da rijiya kusa da makaranta, domin malamar da ke kwana a ƙauyen ba ruwanta da kuɗin mota.