Zaɓen ranar bitar taimakon gaggawa: ana jiran amsar kowa kafin daren Juma'a

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan sa kai. Da fatan an wuni lafiya, ya aiki, ya yara?

Shugaba ya ce in tuntuɓe ku kan bitar taimakon gaggawa da muka amince a zaman da ya wuce cewa za a yi cikin Nuwamba, kafin hunturu ya kankama. Kun san da sanyi ya shigo ake fara samun gobara da ƙunar ruwan zafi, ga garwashin da ake kwana da shi a ɗaki. Ma'aikaciyar jinyar da za ta koyar da mu ta amsa, kuma ba ta nemi ko kwabo ba. Abu ɗaya ta roƙa: a faɗa mata rana da wuri, domin aikin karɓa-karɓa take yi, sai ta sami wadda za su yi musanyar duti. Don haka nake son amsar kowa kafin ƙarfe 9 na daren Juma'a, 7 ga Nuwamba.

Awa shida take buƙata, kuma na tambaye ta ko za a iya ragewa, ta ce a'a. Dalilinta kuwa, mu 34 ne, mutum-mutumin gwaji biyu kacal za ta iya arowa. Farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya ba a koyonsa da kallo. Sai kowa ya durƙusa ya danna ƙirjin nan sau 30, ya hura sau 2, ya sake, har hannunsa ya saba da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Bayan wannan akwai tsayar da jini, da kwantar da wanda ya suma a gefensa, da ƙuna, wadda ake sakar wa ruwa mai sanyi na minti 20 maimakon man goge baki ko ɗanyen ƙwai da muka saba gani, da haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Ku lissafa da kanku, awa shidan ma da ƙyar.

Kafin in kawo ranakun, bari in tuna mana abin da ya faru a bitar bara. A wajen zama aka ce wa ya yarda da Asabar, hannuwa suka tashi, aka rufe magana. Ranar na zuwa, mutum 13 muka gani, mata uku ne a ciki har da ni. Muka yi ta rabon shinkafar mutum 30 ga almajiran layi. Da na bi ba'asi daga baya, wata ta ce ranar ce kaɗai take wankin kayan makarantar yara da kitso, wata bikin 'yar mijinta ne, wata kuma maigidan ya tafi ɗaurin aure Wudil, babu wanda za ta bar wa yara huɗu. Babu wadda ta faɗi haka a wajen zaman, saboda kunyar yin magana gaban manya. Ban ga laifinsu ba, laifin yadda muka yi tambayar ne.

Ranaku uku na ware bayan na duba da malamar da kuma mai makarantar da zai ba mu aron aji.

Ta farko Asabar, 15 ga wata, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma, da hutun awa ɗaya na Azahar da abinci. Ma'aikatan ofis da malaman makaranta wannan ta fi yi musu, na sani, domin ni ma sai ƙarfe 4 nake tashi daga aiki ranakun mako. Sai dai Asabar a Kano ranar biki ce, kuma 'yan uwanmu na Kantin Kwari da Sabon Gari za su rufe shago wuni guda a ranar ciniki.

Ta biyu Alhamis, 20 ga wata, daga 8 na safe zuwa 2 na rana. Wannan shawarar iyayenmu mata ce, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: yara suna makarantar boko, gida ya yi shiru, a gama kafin a taso su. Matsalar ita ce duk mai aikin albashi sai ya nemi izini. Idan ita ta yi rinjaye, zan rubuta wa kowa takardar neman izini da sa hannun shugaba, amma kada wanda ya san ogansa ba zai sake shi ba ya zaɓe ta don kara.

Ta uku a raba bitar gida biyu, Asabar 22 da Lahadi 23, kowace rana daga 2:30 zuwa 5:30 na yamma, a yi La'asar a can. In kun tambaye ni, nan na fi karkata. Mai ɗaurin aure ya je ya dawo, uwargida ta sauke abincin rana, ɗan kasuwa ya yi cinikin safe ya bar yaron shago, 'yan uwanmu Kirista su huɗu sun taso daga coci ranar Lahadi, kuma kowa ya isa gida kafin Magariba. Aibinta biyu ne. Kuɗin adaidaita sahu ya zama ninki, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga masu zuwa daga Rijiyar Zaki da Hotoro, musamman da wata ya yi nisa. Sannan wanda ya zo ranar farko ya fasa ta biyu ya koyi rabi, malamar kuma ta ce ba za ta sa hannu a takardar shaidar mai rabi ba.

Juma'a ban saka ta ba, dalili a bayyane yake. Asabar 29 kuwa ita ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ba a fita sai ƙarfe 10 na safe.

Batun yara: mai makarantar ya yarda a buɗe mana aji na biyu, kuma 'yan mata biyu daga cikin ƙannenmu sun ce za su zauna da su. Mai goyo ta zo da abinta, babu wanda zai yi mata kallon banza don jariri ya yi kuka. Ku dai faɗa mini yara nawa za ku zo da su, saboda tabarma da abinci. Iyayenmu maza da matansu ke cikin wannan tafiya, don Allah a taimaka a riƙe gida na 'yan awannin nan, ilimin nan gidanku zai dawo.

Wajen amsawa, ku rubuto ranar da kuka fi so, da wadda za ku iya lallaɓawa ku zo, da wadda ba za ta yiwu ba ko kaɗan. Ta ƙarshen nan ita na fi buƙata. Ba ranar da ta fi yawan masoya za mu ɗauka ba, za mu ɗauki wadda ta fi ƙarancin waɗanda za ta bari a baya. "Duk wadda aka zaɓa daidai ne" ba amsa ba ce, ita ta kai mu ga rabon shinkafa bara. Wanda uzurinsa ba na faɗa a bainar jama'a ba ne ya same ni ni kaɗai, lamba kawai zan kai wa shugaba, ba suna ba. Akwai mutum biyar da ba su da babbar waya, su zan kira su da kaina gobe bayan Isha'i.

Ranar Asabar 8 ga wata da safe zan sanar da ranar da aka tsayar, in Allah ya kai mu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Taku,
Sakatariya