Takardar Ajiye Aiki

Unguwar Rimi,
Kaduna.
2 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga Manajan Darakta,
Ta hannun Shugaban Sashen Kuɗi.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na akanta a wannan kamfani. Ranar Juma'a, 31 ga Janairu, 2025, ita ce ranata ta ƙarshe a ofis. Dalili kuwa shi ne zan koma birnin Doha na ƙasar Katar da zama tare da iyalina.

Takardar ɗaukata aiki ta tanadi sanarwar wata ɗaya, amma na ga ya dace in ba da wata biyu. Ba zan so in tafi ana tsakiyar rufe lissafin shekara ba. Kafin ranar, in sha Allahu, zan daidaita littattafanmu da bayanan banki, in biya kuɗin fanshon ma'aikata, sannan in miƙa wa hukumar tara haraji ta Jihar Kaduna bayanin harajin albashi na shekara, wanda wa'adinsa ke cika a ƙarshen Janairu. Ina roƙon a ayyana wanda zai gaje ni da wuri, domin mu yi albashin Janairu tare, ya ga komai da idonsa.

Shekara shida na yi a nan, kuma rabuwar ba ta zo mini da sauƙi ba. Na gode da amanar da aka ba ni. Duk wanda na saɓa wa, ina neman afuwarsa.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka.

Naka mai biyayya,
Akanta, Sashen Kuɗi.