Jarrabawar Ƙarshen Zango: Halayyar Ma'aikata da Al'adar Wurin Aiki

Aji uku. Lokaci: awa ɗaya da rabi. Jimillar maki: 40.

A amsa dukkan tambayoyi. Ambaton sunan al'ada kawai ba ya kawo cikakken maki. Dole ɗalibi ya ciro hujjarsa daga cikin labarin da aka bayar, ba daga abin da ya haddace ba.

Sashe na ɗaya (maki 5 kowace tambaya)

A yi amfani da rabe-rabe huɗu na Cameron da Quinn: al'adar dangi, al'adar ƙirƙira, al'adar kasuwa, da al'adar matakan iko. A zaɓi ɗaya, a kare zaɓin da jimla biyu.

1. A wani kamfanin inshora, takardar biyan diyya ba ta fita sai ta bi ta tebur huɗu. Akwai kundin ƙa'idoji mai kauri da ake miƙa wa kowane sabon ma'aikaci ranar da ya kama aiki. Wani akawu ya gano hanyar da za ta rage kwanakin jira da rabi, sai aka ce ya rubuto wa shugaban sashensa, shi kuma zai kai gaba. Wace al'ada ce wannan?

2. Wani kamfanin sayar da na'urori yana liƙa sunayen 'yan talla a allo kowace Litinin, daga wanda ya fi ciniki zuwa na ƙarshe. Wanda ya yi wata uku a ƙasan allo ya san sauran. A taro kuwa, ba a da zance sai na abokan hamayya. Wace al'ada ce?

3. A wani ƙaramin kamfanin manhaja, ana kafa rukunin aiki yau a rushe shi bayan wata biyu. An taɓa shirya walima don wani gwaji da bai yi nasara ba, saboda abin da aka koya daga gare shi. Wace al'ada ce?

Sashe na biyu (maki 25)

Karanta wannan labari da kyau.

Wata masana'antar kayan ɗaki tana da ma'aikata 120. A bakin ƙofa an rubuta da manyan haruffa: "Mu iyali ɗaya ne." Ofisoshi ba su da ƙyaure, kuma kowa a ɗakin cin abinci ɗaya yake zama, har da mai kamfanin, wanda ya kafa shi shekaru 18 da suka wuce. Sai dai ba a sayen ko kwalin ƙusa sai ya sa hannu. Akwai manajoji biyar, amma in ya yi tafiya aiki yakan tsaya cak har ya dawo. Bara an ƙara wa mutum biyu girma, dukkansu daga cikin waɗanda suke raka shi tafiye-tafiye. Wata injiniya da ta ce masa a gaban jama'a sabon injin da ya sayo bai dace da aikin ba, an mayar da ita sito. Tun daga ranar, in ya tambaya a taro ko akwai mai magana, kowa sai ya sunkuyar da kai.

(a) Da matakai uku na Edgar Schein, wato abin da ido ke gani, ƙa'idojin da ake furtawa, da abin da kowa ya ɗauka tabbas ba tare da an faɗa ba, ware abubuwan da ke cikin labarin. (maki 9)

(b) A rabe-raben Charles Handy, na iko, na muƙami, na aiki da na mutum, ina masana'antar ta faɗa? Kawo hujja uku. (maki 10)

(c) Me zai iya faruwa da ita in mai kamfanin ya yi ritaya? (maki 6)

Jagorar ba da maki, ga malamai masu dubawa kaɗai

Amsoshin sashe na ɗaya: matakan iko, kasuwa, ƙirƙira. Da gangan aka bar al'adar dangi babu tambaya, domin wasu ɗalibai sukan raba amsa ɗaya-ɗaya don kawai su cike huɗun.

A sashe na biyu ne za a gane wanda ya fahimci darasin. Da yawa za su ga rubutun bakin ƙofa da cin abinci tare su ce al'adar mutum ce, ko su jawo al'adar dangi daga wani rabon da ba shi aka tambaya ba. Kada a ba su fiye da maki 3 a (b). A matakan Schein, rashin ƙyaure da ɗakin cin abinci mataki na farko ne, taken "iyali" na biyu. Na ukun yana cikin shirun taro: kowa ya san ba a ja da mai kamfani. A rabe-raben Handy kuwa, amsar ita ce al'adar iko, kuma hujjojinta su ne sa hannu a kan kowace sayayya, ƙarin girma ga na kusa, da abin da ya samu injiniyar. Wanda ya ce ta muƙami ce saboda akwai manajoji biyar, bai lura cewa muƙaman nasu ba sa yanke komai ba.

A (c) a karɓi duk amsar da ta taɓo rikicin magaji da manajojin da ba su saba yanke shawara ba. Ɗalibin da ya lura cewa irin wannan al'ada tana da saurin yanke hukunci muddin mai ikon yana nan, a ba shi cikakken makin.