Yadda za a wanke filtar zare da filtar famfo a injinan wanki na gidan Hajiya

Assalamu alaikum Hajiya. Ga bayanin da na yi alkawari ranar da na zo Asawase duba injinan nan biyu. A ba Rakiya da Abdullahi su karanta, tunda su ke wankin. Famfon fitar da ruwa na injin mai ƙofa a gaba bai lalace ba, datti ne ya toshe shi, kuma aikin bai kai a kira ni daga Aboabo ba.

Kafin a taɓa komai, a kashe soket a zare fulogi. Ko an ɗauke wuta a zare, don tana iya dawowa hannu na cikin ruwa. A rufe famfon da ke kawo ruwa. In wankin ƙarshe da ruwan zafi aka yi, a bari ya huce tukuna.

Injin mai buɗewa ta sama shi ke da filtar zare. Ku leƙa cikin tukunyar, a jikin bangonta za ku ga ƙaramar jakar raga a maƙale cikin roba. A danna bakinta na sama a jawo. A juya ragar ciki ya koma waje, a kwashe burbushin zaren da hannu a zuba a shara, ba a kwata ba. A wanke da ruwa da tsohon buroshin haƙori, a mayar har a ji ta kama. Duk mako ya isa, amma ranar da aka wanke tawul ko bargo a yi nan take. In ragar ta yage a faɗa mini, yagaggiya ba ta tare komai.

Mai ƙofa a gaba shi ke son haƙuri. Nasa filtar tana ƙasa ta hannun dama, bayan wani ƙaramin murfi.

1. A shimfiɗa tsumma mai kauri, a kawo tire mai ɗan zurfi da bokiti.

2. A buɗe murfin. Akwai siririn tiyo baƙi mai toshi a baki. A jawo shi a hankali, a cire toshin, ruwan ya zuba a tire. In ya cika a toshe, a juye a bokiti, a sake. Kada a gaji da wannan. In injin ya tsaya ne da ruwa a ciki, ruwan zai iya cika bokiti, kuma wanda ya yi gaggawar kwance filta, duk ɗakin zai jiƙe har ƙarƙashin injin inda wayoyi suke.

3. Ruwa ya daina zuwa, a mayar da toshin, a maƙale tiyon a wurinsa.

4. A murɗa babban murfin filtar zuwa hagu, kaɗan-kaɗan. Sauran ruwa zai fito. In ya cije, a kama da tsumma, kada a sa filaya, roba ce tana fashewa.

5. A zaro ta a kwashe abin da ta tara. A naku na ciro sile na sidi ɗaya, da fil ɗin hijabi, da gashi da ya dunƙule da sabulu. A wanke ta da buroshi, har zoben robar da ke jikinta.

6. A haska tocila cikin ramin. Can ƙurya akwai ƙaramar farfela, ita ke tura ruwa waje. A juya ta da yatsa. Za a ji tana tafiya tana ɗan tsalle, wannan maganaɗisun motarta ne, lafiya lau. In ta ƙi motsi, zare ko robar ɗaure kuɗi ta naɗe ta, a warware a hankali. A kula da fil, yana soke yatsa. Abin da nake tsoro ke nan Hajiya: farfelar da ta maƙale, aka ci gaba da kunna injin, motar famfon ce ke ƙonewa.

7. A goge bakin ramin, musamman yashi. Ruwan tankinku yana zuwa da shi, kayan yara ma haka lokacin hunturu, kuma ƙwaya kaɗan a kan zoben ta isa ta sa yoyo.

8. A mayar da filtar daidai, a murɗa dama har ta tsaya. Ƙarfin hannu ya isa.

9. A sa fulogi, a buɗe ruwa, a kunna ɗauraya ba kaya a ciki, ido na kan filtar. In ta ɗiga, a zare fulogi, a tsiyaye ruwan ta tiyo, a sake ɗaurawa.

Wannan sau ɗaya a wata. In kuma allon ya nuna OE, wato ruwa ya ƙi fita, ko kaya suka fito sharkaf, ko wari ya taso, kada a jira wata ya cika. Injin ɗiyarku na Nima wani kamfani ne, nata zai nuna 5E ko 5C, ma'anar ɗaya ce, a tura mata wannan takardar.

Don Allah a riƙa laluba aljihu kafin a zuba kaya, safar jarirai kuma a sa su a jakar raga. In an yi duk wannan ruwa bai fita ba, ko famfon yana gurnani ba ya ja, a zare fulogi a aiko mini.

A gaishe da Alhaji.

Sani mai gyara