Jawabin Yayar Amarya a Walimar Auren Hauwa'u da Malam Aminu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Ina farawa da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da amincinsa su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Iyayenmu mata da ke wannan wuri, dangin ango da kuka taso tun daga Zariya, da maƙwabtanmu na Gwammaja, muna godiya, Allah Ya saka muku da alheri. Iyaye ne suka umarce ni da in yi magana, ba don na fi kowa sani ba, sai don a hannuna Hauwa'u ta girma tun rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta.

Hauwa'u ƙanwata, tun ranar sa lalle duk wadda ta zo sai ta ce miki ki yi haƙuri, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ina so ki fahimci irin haƙurin da ake nufi. Idan kika haɗiye magana alhali zuciyarki tana tafasa, kina tara ɓacin rai kamar mai zubin adashi, wata rana kwasa za ki yi, kuma a ranar komai zai fito a lokaci guda. Haƙurin da ke riƙe aure shi ne ki jira har maigidanki ya ci abinci ya huta, ki zaɓi lokacin da babu kowa, sannan ki faɗa masa abin da ke damunki da murya mai taushi. Ki girmama shi a gaban idonsa da bayan idonsa, ki riƙi Hajiyarsa kamar yadda za ki riƙi tamu da tana raye, kuma kada ƙannensa su shigo ɗakinki su fita ba su ga sakin fuska ba.

Malam Aminu, nauyin nan har da kai, domin al'ada ta saba ɗora haƙuri duka a kan mace, alhali a Suratun Nisa'i, aya ta 19, maza Allah Ya umarta da su zauna da matansu da alheri. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ce mafi alherinku shi ne wanda ya fi kyautata wa iyalinsa. Yarinyar nan ba ta da yawan magana, idan ka ga ta yi shiru fiye da kullum, ka tambaye ta. Idan ta yi kuskure ka gyara mata a ɗaki, kada ka yi mata tsawa a gaban abokanka ko 'yan'uwanka, domin yadda suka ga kana riƙe da ita haka su ma za su ɗauke ta.

Saɓani kuwa babu makawa za a yi shi, tunda zo mu zauna zo mu saɓa ne. A shekarata ta farko da aure na taɓa yin yaji a kan maganar cefane, na dawo gida ina kuka. Mahaifiyarmu ta ba ni ruwa, ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko na taɓa zama na faɗa wa maigidana abin da na faɗa mata yanzu. Ban taɓa ba. Kafin magariba ta sa aka mayar da ni, kuma a daren ne na san cewa watanni biyu ke nan ba a biya shi albashi ba, kunya ce ta hana shi faɗa mini. Yau shekara 14 ke nan ina wannan ɗaki.

Saboda haka idan rai ya ɓaci, ku bi abin da Annabi ya koyar: a nemi tsarin Allah daga shaiɗan, wanda yake tsaye ya zauna, wanda yake zaune ya kishingiɗa. Kada ku tono abin da aka riga aka yafe, kada a sa iyaye cikin baƙar magana, kuma Malam Aminu, kada kalmar saki ta zama abin razana mace duk lokacin da aka saɓa. Shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, ina kuma ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya. Hauwa'u, kada ki kai sirrin gidanki wurin ƙawaye ko ki zuba shi a waya, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan abin ya fi ƙarfinku, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a samo mai sasantawa daga danginsa da mai sasantawa daga danginta. Ga Kawu Sule a ɓangarenmu, ga Baffan ango a ɓangarenku. Idan kuma cutarwa ce, wadda ba ma fata, wannan ba a rufe ta da sunan haƙuri, a zo a faɗa mana.

Allah Ya sanya albarka a wannan aure, Ya sa ƙauna da tausayi a tsakaninku, Ya ba ku zuriya ɗayyiba. Gwaggo Asabe, ga 'yarku nan, ku kama hannunta ku kai ta ɗakinta. Malama, bismillah, a rufe mana da addu'a.