Rahoton Amfanin Gona da Farashin Kasuwa: Mako na Biyu na Nuwamba

Masara ta sake sauka, waken soya ya tashi, wake bai motsa ba. Mai buƙatar kuɗi a makon nan ya fara fitar da waken soya, ya bar masararsa ta ƙarasa bushewa.

Farashin nan na sari ne, buhu mai kilo 100. Mun ɗauke shi daga cinikin da aka gama a gabanmu, ba daga tayi ko sallamar baki ba, a kasuwar Litinin ta ƙauye, da ta Alhamis ta bakin titi, da babbar kasuwar hatsi ta birni ranar Asabar.

Farar masara: 38,000 ranar Litinin (makon jiya 41,000), 40,500 ranar Alhamis, 44,000 a birni.
Dawa: 36,000 zuwa 39,000, ta sauka da 1,000.
Gero: 42,000 zuwa 45,000, bai canza ba.
Waken soya: 62,000 ranar Alhamis (makon jiya 57,000).
Farin wake 78,000, jan wake 84,000.
Shinkafa shanshera: 47,000.
Ɓararriyar gyaɗa: 96,000.

Saukar masara ba abin mamaki ba ne. Kaka ta kankama, kowa ya sussuke a lokaci guda, ga masu bashin taki sun matsa a biya su. Ranar Litinin tun kafin azahar fili ya cika da buhuna, manyan masu saye kuwa uku kacal muka ƙirga, su ke yanka farashi yadda suka ga dama. Ina ganin za ta ƙara sauka kaɗan cikin mako biyu masu zuwa, domin gonakin da aka yi wa shukar baya yanzu ake karyarsu.

Mutane da yawa sun tambaye mu ko su kai birni, tunda akwai ratar 6,000. Ga lissafin buhu ɗaya: kuɗin mota 3,500, lodi da saukewa 600, la'adar dillali 500, kuɗin shiga kasuwa 300. Jimla 4,900, abin da ya rage maka 1,100. Kuɗin motarka kai kanka zuwa da dawowa 4,000 ne. Ke nan mai buhu huɗu zai wuni a hanya ya dawo da ribar 400, ko abincin rana ba ta saya ba. Tafiyar ba ta biya sai daga buhu ashirin zuwa sama, ko kuma maƙwabta su haɗa kaya a mota ɗaya su wakilta mutum guda. Ga mafi yawanmu kasuwar Alhamis ta fi: kai kaya can 1,200 ne a buhu, ratar kuwa 2,500.

Akwai asarar da ba ta fitowa a farashi. Mun ɗora buhu shida na kasuwar Litinin a sikeli, irin waɗanda ake dannawa da taɓarya a ɗinke bakin da ƙyar, babu wanda ya gaza kilo 106, ɗaya har 110. Idan ka sayar da kilo 108 a kuɗin kilo 100, ka ba da kyautar masarar kusan 3,000 ba tare da an ce maka an gode ba. A sayar da awo. Sikelin ƙungiyarmu ta manoma yana rumfar sakatare ranakun kasuwa, ba a biyan ko sisi.

Sai batun danshi. Masu saye suna rage 3,000 a buhun da bai bushe ba, wasu manoma kuma na cewa ai danshin nauyi ne, gara a sayar haka. Da ɗan gaskiyarsu: masarar da danshinta yake kashi 18 cikin ɗari, idan ta bushe zuwa kashi 13, buhu yana rasa kusan kilo 6, kimanin 2,300 ke nan. Don haka a farashi kaɗai ribar shanyar ba ta wuce 700 ba. Amfaninta na wani wuri ne. Ɗanyar masara ba ta ajiyuwa, tana yin zafi a buhu ta yi fumfuna, dole ka sayar yau ko nawa aka taya. Busasshiya kuwa tana jiranka. Wanda ba shi da na'urar gwaji ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba masara da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza sosai, ya ajiye minti 15 ya sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita rana, a kan tampol, ba a kan ƙasa ba.

Waken soya shi ne kayan da ake nema. Wakilan masu matsar mai da masu abincin kaji sun zo da tirela biyu ranar Alhamis, suna saye da sikeli, 620 kowane kilo, kuɗi hannu. Sharaɗinsu a sheƙe shi tas. Mun ga an mayar da buhu bakwai saboda tsakuwa da ƙaiƙayi. Tsadar ta samo asali ne daga ƙarancin wanda aka casa zuwa yanzu, kuma ba na jin za ta daɗe idan sauran suka shigo. Wanda nasa ya kammala ya sayar da rabi ko fiye a wannan Alhamis.

Wake ba ya gaggawa, amma a yi lissafi kafin a ɓoye. Buhu mai ruɓi uku irin na PICS 3,000 ne, hayar sito wata biyar 2,500. Farin wake sai ya haura 83,500 a watan Afrilu kafin a ce an ci riba. Wanda ake bi bashi da kuɗin ruwa kashi 3 a wata zai ƙara 11,700 a kai, nasa sai ya haura 95,200, kuma ba zan ba shi shawarar ajiya ba. A matse iska a ɗaure kowace leda daban, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa, rashin iskar ne ke kashe ƙwarin. 'Yan kasuwa kuma, don Allah a daina barbaɗa maganin feshin gona a kan waken da mutane za su ci.

Gyaɗa da shinkafa babu wani labari, sai dai masu saye sun fara tsince gyaɗar da ta canza launi ko ta yamutse saboda gubar fumfuna. A tsince ta tun a gida.

Masu noman rani: yuriya buhu mai kilo 50 tana 37,000, NPK 15:15:15 kuma 45,000. Kusan buhun masara guda ke sayen yuriya guda a yau, don haka wanda zai iya sayen takinsa da kuɗin waken soya ya fi.

Gyara: a rahoton makon jiya mun rubuta gero 34,000, alhali 43,000 ne, lambobin ne suka juya mana. Wani dattijo ya biyo mu har rumfa da takardar a hannu, muna ba shi haƙuri da duk wanda kuskuren ya shafa.

Motar haɗin gwiwa zuwa birni za ta tashi Asabar bayan sallar asuba, saura gurbin buhu 35. Mai so ya rubuta sunansa wurin sakatare kafin yammacin Alhamis, kuma busasshen kaya kaɗai za a ɗora.

Daga mai tattara farashi na ƙungiyar manoma