Amsar Malama ga ɗalibar da ta turo kalma ɗaya tak da daddare

Wa alaikumus salam, ko da yake ba ki yi sallamar ba, na amsa miki ita bashi.

'Yata, ƙarfe 10:40 na dare saƙonki ya shigo, na buɗe na ga “assignment” ita kaɗai, ko alamar tambaya babu. Na ɗan dakata ko akwai sauran magana a tafe, na ga alamar kina rubutu, sai kuma ta ɓace. Ina jin kin rubuta wani abu kin goge. Kada ki ji kunyar turo shi, komai hargitsewarsa ya fi wannan kalmar amfani, don ni ba na duba, ban san inda yake miki ƙaiƙayi ba.

Idan tambayar ce ba ki da ita, ga ta: ki bayyana dalilan da suka sa birnin Kano ya faɗa hannun Turawan Ingila cikin sauƙi a 1903. Shafi 3, da rubutun hannu ko na na'ura, a kai wa wakilin aji kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe.

Idan kuwa kina da tambayar amma ba ki fara ba, to ba a fafe gora ranar tafiya, amma faɗan nan sai mun haɗu. Yanzu ɗauko littafinki ki buɗe darasin mako na shida. Abin da ke kayar da yawancinku a wannan aikin shi ne ku cika shafi da labarin abin da ya faru, alhali dalili na tambaya. Kowa ya san rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta ci Bebeji a hanya, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Wannan layi biyu ya ishe shi. Makin yana wurin “me ya sa”. Me ya sa birni mai ganuwa irin ta Kano bai yi ko kwana biyu yana turjiya ba? Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, to su wa aka bari a bakin ƙofofi? Yaƙin basasar Tukurawa da Yusufawa da ya ɓarke a 1893 bai wuce shekara goma ba a lokacin, wane irin tabo ya bari a tsakanin masu sarauta? Sannan ki auna doki da mashi da bindigar toka a gefe ɗaya, igwa da bindiga mai ruwan harsashi a ɗaya gefen, ki tuna abin da ya sami Waziri Ahmadu da mahayansa a Kwatarkwashi. Kowace tambaya a nan sakin layi guda ce, kin ga aikin ya kusa rabi.

Abu ɗaya ki kiyaye, don bara ya ci mutane da yawa. Kisan Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, da tarbar da Alu ya yi wa Magaji Ɗan Yamusa, wanda aka ɗora wa alhakin kisan, bayan ya gudo Kano, hujjar da Lugard ya riƙe ce ta kawo hari. Ba ita ce ta sa birnin ya faɗi ba. Ki saka ta a gabatarwa, kada ki lissafa ta cikin dalilai.

Ba zan rubuta miki ba, kuma kada ki kwafo na ƙawarki. Ni nake duba takardun nan ɗaya bayan ɗaya, idan na ga biyu iri ɗaya duka biyun nake ba sifili, ba na binciken wa ya kwafi wa. Shafi biyu na kanki, ko da tuntuɓe a ciki, ya fi mini uku na aro.

Akwai kuma yiwuwar ba wannan ba ce matsalar. Idan rashin lafiya ce, ko rasuwa aka yi muku, ko wani abu a gida da ya hana ki zama, ki faɗa mini a daren nan, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ana ɗaga wa mutum ƙafa idan ya yi magana kafin lokaci ya cika. Bayan an tattara takardu hannuna a ɗaure yake.

Saboda haka ki amsa mini abu biyu: kin fara ko ba ki fara ba, kuma a ina kika maƙale? In kin rubuta wani abu, ɗauki hotonsa ki turo, ki kunna fitila sosai don in iya karantawa. In bugawa ce ke miki wuya, yi saƙon murya, amma kada ya wuce minti ɗaya. Ina nan har ƙarfe 11:30, daga nan zan kashe waya. Abin da ya shigo bayan haka sai bayan sallar asuba zan gani.